Hukuncin 'Yar Caca Tsakanin Abokai Da Sunan Wasa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mu abokai ne da muka saba tsokanar juna. Idan ƙungiyoyin ƙwallon da muke goya wa baya za su kara, ko muka yi gardama kan wani abu, sai mu sa ɗan kuɗi kaɗan, wanda ya ci ya ɗauka. Wani lokacin wanda ya faɗi ne yake biya wa kowa. Ba neman kuɗi muke ba, raha ce kawai. Shin akwai laifi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, gasar da kuke yi da tsokanar da ke biyo bayanta halal ne. Abu Dawud ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha ta wuce shi, daga baya suka sake ya wuce ta, sai ya ce mata wannan ramuwar waccan ce. To ga gasa, ga raha, kuma ba a sa ko sisi ba.

Matsalar tana wajen kuɗin. Abin da malamai ke kira caca shi ne kowane ɓangare ya shiga yana tsakanin samu da asara, bisa wani sakamako da ba a sani ba tukuna. Ka auna naku da wannan. Ka sa goma, abokinka ya sa goma, aka tashi wasa ya kwashe ashirin. Gomarsa ta koma masa, wannan daidai ne. To gomarka fa, da me ya mallake ta? Bai sayar maka da komai ba, bai yi maka aiki ba, kuma ba kyauta ka ba shi ba, domin da ƙungiyarka ce ta ci ba za ka bayar ba. Wannan shi ne maisir da Allah ya ce a nisanta a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida, kuma ayar ba ta ware kaɗan daga mai yawa ba. Sharaɗin wanda ya faɗi ya biya wa kowa shi ma haka ne, ko da ba a ajiye kuɗi a ƙasa ba, tunda kowannenku ya shiga ne a kan ko ya more a banza ko ya biya.

Za ka ce ai da yardar juna ne. Yarda ba ta halatta shi, kamar yadda ba ta halatta riba. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wanda ya ce wa abokinsa zo mu yi caca, to ya yi sadaka. Ka lura, abokinsa aka ce, kuma a kan furucin kawai. Aya ta 91 kuma ta faɗi dalili: Shaiɗan yana son jefa gaba da ƙiyayya a tsakaninku ta wannan hanya. Alamarta tana da sauƙin ganewa. Ranar da wanda ya faɗi ya fara cewa sai an sake an ninka, ko aka fara bin wani bashin abin da ya faɗi, ranar raha ta ƙare.

Shari'a ta keɓe tseren dawaki da na raƙuma da harbin kibiya, kamar yadda ya zo a hadisin Abu Huraira, saboda horo ne na kare al'umma. Ko a nan ma, a mazhabar Malikiyya ba a yarda duka biyun su sa dukiya wanda ya ci ya kwashe ba. Ƙwallo da gardamar hira ba su cikin waɗannan ukun. Wasu kan kafa hujja da sharaɗin da Sayyidina Abubakar ya ƙulla da Ƙuraishawa kan nasarar Rumawa. Mafi yawan malamai sun ce wannan ya faru ne kafin a haramta caca, waɗanda suka ce hukuncin yana nan kuma, irin su Ibnu Taimiyya, sun tsayar da shi ne a kan abin da ke ɗaukaka addini.

Mafita tana nan. Ku ci gaba da gasar ba kuɗi, ku riƙa lissafin wanda ya fi cin nasara, ya yi ta tsokanar sauran. Idan wani wanda ba ya cikin gasar ya sa kyauta daga aljihunsa don wanda ya yi fice a abu na halal, malamai da yawa sun halatta, domin babu ɗan gasar da zai yi asara. Idan kuma wanda ya ci ko wanda ya faɗi ya ga dama ya yi wa sauran alheri ba tare da an sharɗanta tun farko ba, kyauta ce.

Idan kuma horon da ba na kuɗi ba kuka sa wa wanda ya faɗi, a duba shi. Idan aiki ne da ake biya a kansa, hukuncinsa na kuɗi ne. Idan na wulaƙanci ne ko laƙabin da mutum ba ya so, aya ta 11 ta Suratul Hujurat ta hana. Abin da ka riga ka ci a baya kuwa, ka mayar wa masu shi gwargwadon abin da ka iya tunawa, ka yi istigfari. Wanda kuma ake bin sa irin wannan kuɗi, ba bashi ba ne a kansa, kada ya biya.

Allah ne mafi sani.