Yaya zan mayar da saƙonnin guruf su zama imel ɗaya mai ladabi?

Tambaya: Salam Malam. Oga ya ce in tura masa taƙaitaccen abin da muka tattauna a guruf ɗinmu na WhatsApp kan jinkirin biyan wani ɗan kwangila, amma saƙonnin duk gatse ne da baƙar magana. Ya zan yi in rubuta imel ba tare da na tona asirin kowa ba?

Amsa: Wa alaikissalam ƙanwata. Kar ki fara da rubutu, fara da tsince. Ki karanta hirar daga sama har ƙasa da biro a hannu, kina fitar da abin da aka yanke, da aikin da wani ya ɗauka da ranar da zai gama, sai abin da har yanzu ba a warware ba. Sauran duk hayaniya ce, ba ta shiga imel.

Misali a ce akanta ya rubuta "tun Litinin nake jiran rasit, ku ba kwa aiki ne?", mai kula da sito ya mayar da "ai ba aikina ba ne, ka tambayi masu saye", can ƙasa kuma wata daga sashen saye ta ce "zan kawo Alhamis, a daina damuna". A imel sai ki ce: "Ranka ya daɗe, an samu jinkirin biyan ne saboda rasit bai iso sashen kuɗi ba tun Litinin. Sashen saye ya ɗauki nauyin kawo shi ranar Alhamis, 14 ga wata. Abin da ya rage shi ne a fayyace wane sashe ne zai riƙa miƙa rasit nan gaba."

Kin ga inda laifi yake na yi amfani da "an" da sunan sashe, shi ya sa ba wanda aka nuna da yatsa. Amma fa a nan mutane ke wuce gona da iri, suna son ladabi sai su rubuta "za a kawo rasit nan ba da jimawa ba", to wa zai kawo, yaushe? Inda aka ɗauki alkawari dole suna da kwanan wata su fito ƙarara, kuma ki sa kwanan watan da lamba, don "jibi" na ranar da aka yi hirar ba shi ne jibin ranar da Oga zai buɗe imel ba. In ba a yi matsaya kan wani abu ba kar ki ƙirƙiro sulhu, ki ce akwai ra'ayi biyu ki kawo kowanne a jimla ɗaya.

Ni dai ban yarda da liƙa sikirinshot ba sai in Oga ne ya nema da bakinsa. Kafin ki tura, nuna wa waɗanda kika ambata su duba, sannan ki saka su a layin Cc, wato inda ake sa waɗanda za su samu kwafin imel ɗin, don randa suka gano an kai maganarsu a ɓoye rigimar za ta fi ta guruf ɗin zafi.