Manhajar duba farashin dala ta tsaya, gobe zan biya kaya

"Malam, ƙanena ne ya haɗa min wani abu a Google Sheets da ke ɗauko farashin dala kullum. Daren nan sai #N/A yake nunawa, gobe kuma zan tura dala 20,000 Guanzu kuɗin wayoyi, yaron baya ɗaga waya. Ya zan yi?"

Alhaji, ka gode Allah da ya nuna maka #N/A ɗin nan, ko ba komai ya gaya maka ya mutu. Kuskurenka ɗaya ne, ka ɗora jarinka kan lambar da ba ka san daga ina take zuwa ba, ba ka san ƙarfe nawa aka ɗauko ta ba, wanda ya sani kuma mutum ɗaya ne tak.

Irin wannan abin yawanci da IMPORTXML ake yinsa, yana leƙa shafin wasu ya kwafo lamba, ranar da masu shafin suka canza tsarinsa shikenan ya tsaya. A Satumban 2021 ma masu shafin farashin canji na AbokiFX daina saka farashin bayan fage suka yi gaba ɗaya. In kuma GOOGLEFINANCE ne, to wannan ba farashin 'yan canjin Wapa ba ne, ba ɗan canjin da zai sayar maka a haka.

Akwai wani mai wayoyi da na sani a Farm Centre, nasa ya fi naka muni. Yaron da ya haɗa masa ya sa in an kasa ɗauko sabon farashi a bar na jiya, don kar allon ya yi muni wai. Abin ya maƙale a 1,450 kwana da kwanaki shi bai sani ba, da dare ya zauna ya yanke wa dilolinsa farashi har ya karɓi kafin alƙalami, gari na wayewa ya je canji aka ce masa 1,520. Naira 70 sau dala 20,000, miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu kenan, kuma ya riga ya ba da baki, dole ya cika daga aljihunsa. Wallahi har yau abin na min ciwo, don kiran waya ɗaya ya isa ya tsare shi.

Daren nan ka rabu da kwamfutar. Kira 'yan canji uku, ka ce nawa za ku SAYAR min dala 20,000, don farashin saye daban na sayarwa daban. In da yuwan, kuɗin China, za ka biya, tambayi ejan ɗinka naira nawa yuwan ɗaya kai tsaye. Ɗauki mafi tsada, ƙara kamar kashi 3 cikin ɗari, kuma kar ka yanke wa kowa farashi sai kuɗin ya fita. Kar kuma ka ce bari in jira jibi ko za ta sauko in ci riba, kai ɗan waya ne ba ɗan canji ba.

In yaron ya dawo, ya sa ranar da lokacin ɗauko farashin a gefen lambar, in ta wuce awa uku ta koma ja. Kai kuma ka buɗe littafi kana rubuta farashin da ka saya da gaske, da rana, da wajen wa.