Imoji goma sha biyu a sanarwa ɗaya: me makaho yake ji?

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni ke rubuta sanarwar ƙungiyarmu ta matasa a Facebook, wani ɗan uwa mai larurar gani ya ce min wayarsa ba ta karanta masa fostin ɗina da kyau, na sake rubutawa na rage tsawo amma ya ce har yanzu da saura. Me zan gyara?

Amsa: Malama na duba abin da kika turo, tsawon ba shi ne matsalar ba. Shi da kunne yake karantawa, manhajar da ke karanta masa allo ita ce TalkBack in Android ce, VoiceOver in iPhone ce, kuma manhajar tana bin rubutun ne ɗaya bayan ɗaya har da imoji, kowanne da sunansa take faɗa, galibi da Turanci. To ke kin saka tafi 👏 tsakanin kowace kalma a layin farko, shi abin da ke shiga kunnensa kenan: taro, hannu na tafi, ranar, hannu na tafi, Asabar, hannu na tafi, kafin ya kai ƙarshen layin ai ya gaji. Na ƙirga goma sha biyu. Bar ɗaya ko biyu, su ma a ƙarshen jimla, kuma kar imoji ya tsaya a madadin kalma, hoton agogo ba zai maye gurbin "lokaci" ba.

Hashtag ɗin kuma kin rubuta #taronmatasa, manhajar kalma ɗaya take ɗaukarsa ta tauna shi yadda ta ga dama, dama can muryar Turanci ce ke fama da Hausa. Ko mai ido ma zai iya karanta taron mata. Ki mai da shi #TaronMatasa, babban harafin ne ke nuna mata inda kalma ta fara, kuma a wajen bincike duk ɗaya ne, ba abin da kika rasa.

Babban ramin dai hoton ne. Wurin taron da lokacin duk a cikin hoton sanarwa kika zuba su, rubutun da ke cikin hoto kuwa ba lallai manhajar ta gan shi ba. Facebook na yin bayanin hoto da kansa tun 2016, amma sama-sama ne, irin "mutum uku a tsaye". Ki nemi wajen Alt text, wato gurbin bayanin hoto, a kan hoton ki rubuta da kanki: "Sanarwar taron matasa, Asabar ƙarfe 10 na safe, a ɗakin taron unguwa, shiga kyauta." Kalar bango da furannin gefe ba sai kin ambace su ba. In WhatsApp za ki tura, ki rubuta wannan bayanin a ƙasan hoton.

Kafin ki saki, kunna TalkBack a Settings, ƙarƙashin Accessibility, ki saurara ido a rufe. Ki sani fa in yana kunne sai kin taɓa abu sau biyu yake buɗewa, kar ki ɗauka wayar ce ta lalace.