Sakin layin da Alhaji zai karanta a rahoton wata

"Salamu alaikum Malam. Ni manaja ne a wani kamfanin ruwan leda a Kano, duk wata sai na rubuta wa maigidana rahoto shafi biyar amma ya bugo waya ya ce wai a taƙaice me ya faru. A Yuli mun sayar da jaka 30,000, a Agusta 24,000, ga damina ga inji ɗaya da ya tsaya mana kwana 5. Ya zan rubuta taƙaitawar?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Jimlar farko lamba ce kawai, nawa ne da, nawa ne yanzu, kar ka fara da "an samu ƙalubale" don wannan bai gaya wa Alhaji komai ba.

Inda nake so ka zauna sosai shi ne dalili, don nan manajoji ke zamewa, sai su ɗora komai a kan damina tunda ita ba ta da bakin kare kanta. Raba giɓin nan na jaka 6,000 gida-gida. Ɗauko littafin fitar kaya ka duba abin da injin ke bugawa a rana, a ce jaka 800, sau kwana 5 ya ba ka 4,000, ka ga kashi biyu cikin uku na faɗuwar daga inji ne, sanyin gari 2,000 kacal ya ci. Amma fa ka tabbata a kwanakin nan direbobi sun koma ba kaya, in sito a cike yake lokacin to ba injin ya hana ciniki ba, kasuwa ce ta yi sanyi. Ka kuma leƙa Agustan bara, in an yi irin wannan saukar to abin na damina ne.

In lissafin ya tsaya, ga yadda zai fito:

"Cinikin Agusta ya sauka daga jaka 30,000 zuwa 24,000, wato kashi 20 cikin 100. Kimanin 4,000 saboda inji na biyu ya tsaya kwana 5 muna jiran kayan gyara, sauran 2,000 raguwar saye ce ta damina. Ina neman amincewar Alhaji kafin 10 ga Satumba mu sayi kayan gyaran mu ajiye a sito, farashin yana shafi na 3."

Lura da jimlar ƙarshe, akwai abin da za a yi, da wanda ake jira, da rana. "Za mu ƙara ƙoƙari" ba mataki ba ne wallahi, ba wanda zai iya bin sawunsa.

Ka rubuta sakin layin nan bayan ka gama sauran shafukan amma ka sa shi a sama. Sannan ka karanta wa akawunka, in ya ce "to sai a yi me?" jimlar ƙarshen ce ba ta nuna ba, koma ka gyara ta.