Kirgar yanayi: boson da farmiyon

"Ƙwayoyi 2 iri ɗaya, matakan kuzari 3: me ya sa yanayinsu bai kai 9 ba?"

Malam, gaisuwa daga Maraɗi. 9 ɗin na ƙwayoyin da ake iya bambantawa ne, 3×3. Idan iri ɗaya ne sak, musanya su ba ta haifar da sabon yanayi, alamar + ko − ta ψ, lissafin da ke bayyana yanayin ƙwayoyin, kaɗai ke iya sauyawa.

Ga boson, kamar foton, ψ(1,2) = ψ(2,1): hanyoyi 3 a matakai daban-daban, 3 a mataki guda, jimilla 6. Ga farmiyon, kamar ilaktaron, ψ(1,2) = −ψ(2,1). Ka zuba su a mataki guda, sai ψ = −ψ, wato sifili. Saura 3, ƙa'idar Pauli ke nan.

Amma ka kula, na ɗauka sifin ɗinsu, wato wata ɗabi'ar ƙwaya mai kama da juyi, ɗaya ne. In ka saka sifin, ilaktaron na da yanayi 3×2 = 6, kirgar ta koma 6×5/2 = 15.