Shingen tsallake da karan dawa: yadda ake haɗa shi ba tare da yaro ya ji rauni ba

Tambaya: Ni malama ce a wata firamare a Tudun Wada, Zariya. Yara 72 ne a ajina na huɗu, kuma ƙwallo ɗaya ce kaɗai kayan motsa jikinmu. Ina so in koya musu gudun tsallake shinge. Me zan haɗa da kaina, kuma yaya zan kauce wa rauni?

Amsa: Malama, ki riƙe ƙa'ida ɗaya: duk abin da za ki sa yaro ya tsallake, ya zama da ƙafa ta taɓa shi zai faɗi. Shi ya sa benci, bulo, rodi da igiyar da aka ɗaure tam duk ba sa cikin lissafi. Su ba sa faɗuwa, yaron ne zai kife.

Karan dawa ya dace da wannan aiki. Bayan girbi, daga wajen Nuwamba, yana nan jibge a gonakin bayan gari, kuma iyayen da ke noma ba za su hana ki dami ɗaya ba. Ki zaɓi busasshe, miƙaƙƙe, ki yanka tsawon mita ɗaya, ki kankare ganyen. Bakin da aka yanka ki naɗe shi da tsumma, domin ɓawon kara idan ya tsage yana yanka kamar reza.

Ƙafafun shingen kuwa robobin ruwa ne manya, masu lita ɗaya da rabi. Ki cika su da yashi ki rufe. Sai ki yanko tsohon tib na babur, ki naɗa shi sau uku ko huɗu a wuyan kowace roba har ya yi ɗan tudu. A kan wannan tudun karan zai zauna, ba ɗauri, ba ƙusa. Wurin da aka fi yin kuskure shi ne ɓangaren da ake ɗora karan. Ki ɗora shi ta bayan robobin, wato gefen da yaro zai dira. Idan ya buge shi, sai ya zame gaba abinsa. Idan ta gaba kika ɗora, wuyan robar zai tokare shi, ya harɗe ƙafar yaron. Saboda haka ba a yarda kowa ya dawo a guje ta kan shingen ba. Wanda ya gama ya zagayo ta gefe.

Tsayin zai tsaya wajen santimita 25 zuwa 30, kuma ya ishe su. Shingen manyan mata a tseren mita 100 santimita 84 ne, amma kada wannan ya ruɗe ki. Ma'auninki shi ne ƙasa da gwiwar mafi gajarta a layin.

Ga lissafin ajinki. Layi huɗu, yara 18 kowanne, shinge huɗu a layi: robobi 32 ke nan da kara 16, sai ki ajiye wasu goma na canji, don sai an tattaka. Shingen farko ya kasance mita takwas daga mafari, sauran mita biyar tsakani. Ki tsaya daga gefe ki duba ƙafafunsu. Idan yawancinsu suna 'yan gajerun taku kafin su tsallake, ko suna cin birki, tazarar ba ta yi musu ba, sai ki matsa robobin kaɗan-kaɗan har gudun ya miƙe. Yaro ba ya tashi sai na gabansa ya wuce shinge na ƙarshe, an kuma mayar da karan da ya faɗi.

Filin ma kayan aiki ne. Da hunturu ƙasa takan bushe ƙayau, ga tsidau da ƙarangiya, ga fasassun kwalabe, yara da yawa kuma ƙafa ba takalmi. Ki jera su su tsince filin kafin a fara. Silifas kuwa a cire shi, shi ya fi kayar da su. Layi ki ja da toka mai sanyi, ba farar ƙasa ba, don ita tana cin ido.

Idan daga baya kika so tsallen sama, ki yi amfani da robar wando ta teloli a madadin sanda, su dira da ƙafa a ramin yashi mai zurfin santimita 30 da aka tankaɗe aka kuma juya da shebur. Salon nan na dira da baya da suke gani a talabijin sai da katifa mai kauri. A kan yashi wuya ake karyawa.

Ki ajiye karan a sama, nesa da gara, ki kakkaɓe shi da kanki kafin yara su ɗauka saboda kunama. Wanda ya tsage ki jefar, kada ki ɗaure shi ki ce zai ƙara kwana.