Taken da zai sa 'yan ƙungiya su riƙa zubi a kan lokaci

Tambaya: Malam, ni ne ma'ajin ƙungiyar ajiya ta 'yan kasuwarmu. Mu 40 ne, kowa na zuba naira 2,000 duk biyar ga wata, amma kullum sai na bi mutane shago-shago. A taimaka mana da ɗan take na waƙa da za mu riƙa yi a taro.

Amsa: Alhaji ma'aji, a adashi ranar kwasa ce ke tura mutum ya biya, don ya san wane na jiran kuɗin. A irin ƙungiyarku kuwa babu wanda ke tsaye yana jira, shi ya sa ake sakaci. Saboda haka taken naku ya faɗi ranar zubi, ya kuma tuna wa mutum abin da zubin zai yi masa. Ga wanda na tsara, jagora ya ba da ɗango, jama'a su amsa:

Zubin wata shi ne jari,
Mu kai namu tun da wuri.
Biyar ga wata, yi shiri,
Mu kai namu tun da wuri.
Rancen gobe sai da tari,
Mu kai namu tun da wuri.

Kowane ɗango gaɓa takwas ne, duka kuma sun ƙare da "ri", wato amsa-amon ke nan. Sai dai ƙidayar gaɓa kaɗai ba ta isa ba, domin kunnen Bahaushe nauyin gaɓa yake ji. Faɗi "jari" da "wuri" a bayyane: za ka ji ana jan "ja", amma "wu" wucewa take yi da sauri. Don haka ku gwada shi da tafi. Duk inda jama'a suka yi tuntuɓe ko suka haɗiye wata gaɓa, a nan za ku canza kalma. Amshin dai kada a taɓa shi, shi ne zai bi mutum har shagonsa.

Da gangan ban sa naira 2,000 a ciki ba. Ranar da kuka ƙara kuɗin zubi, taken ya mutu. Lissafin kai za ka faɗe shi da baki bayan an gama: mutum 40 suka biya, an tara 80,000, goma suka makara, 60,000 ke hannu, wanda aka yi wa alkawarin rancen 70,000 don saro kaya sai ya haƙura.

Na san za a sami mai cewa a saka ɗan habaici ga masu taurin bashi, taro ya yi dariya. Kada ka yarda. Ɗan kasuwan da aka yi wa zambo a gaban maƙwabtan shagonsa ba biya zai yi ba, daina zuwa taro zai yi, sannan ya nemi a mayar masa da ajiyarsa. Maganar wanda ya makara, ka same shi a shago bayan la'asar da littafin zubi a hannunka.